A bar mutanen cikin labari su yi magana irin ta mutane

Akwai lahani guda da ke damuna a ƙagaggun labaranmu, na littafi da waɗanda ake karantawa a waya: mutanen cikin labarin suna gaya wa juna abin da dukansu suka riga suka sani. Za ka ga yarinya ta yi yaji, ta shigo gidansu ta ce, "Inna, kamar yadda kika sani, shekara uku ke nan da aurena, kuma tun da mijina ya yi mini kishiya ya daina ba ni kuɗin cefane." Wace 'ya ce ke sanar da uwarta shekarun aurenta? Marubucin ne ya ari bakinta don ya yi wa mai karatu bayani.

Ga yadda nake ganin abin zai kasance a tsakar gida:

"Lafiya, da rana tsaka haka?"

"Lafiya lau."

"Ina yaron?"

"Yana wajen kakarsa. Inna, ni fa wallahi na..."

"Ya san kin fito?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"To. Akwai sauran tuwo a kwano."

Babu wanda ya ambaci yaji ko kishiya, amma duk Bahaushen da ya karanta ya san aure ya girgiza. Katsewar da uwar ta yi mata na da dalili: ba ta so a furta kalmar da za ta yi wuyar mayarwa, domin tana fatan a sasanta. Tuwon da ta yi mata tayi na nufin ta zauna tukuna. Ka kuma lura ba a kira sunan mijin ba. Kunya ce ta hana, irin wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, kuma marubucin da ya sa surukuwa tana ƙwala sunan mijin 'yarta ba tare da wani dalili ba ya ɓata gidan gaba ɗaya.

Sai dai abin yana da iyaka. Kwaikwayon magana ba kwafe ta ba ne. In aka zuba gaisuwa duka, daga ina kwana har ina gajiya da yaya yara, shafi zai cika labari bai motsa ba. Gaisuwa ɗaya ta isa, sai fa in jan ta ne ke nuna ana kewaye wata magana. Haka ɗige-ɗigen nan uku da wasu ke yayyafawa a kowane layi: in kowa na katse kowa, katsewar ta rasa nauyi.

Abin da ya zama dole mai karatu ya sani, kamar batun kuɗin cefanen, a ajiye shi zuwa bakin wanda bai sani ba. Da dare, bayan sallar isha'i, mahaifinta zai tambaya, kuma a nan ma rabi za ta faɗa, Inna ta ƙarasa mata.