Buhu 27 da suka ɓace a kan waya

A garuruwa irin su Fakku da ke ƙaramar hukumar Kebbe, da Tambuwal mai maƙwabtaka da ita, lissafin kayan shago ya fara barin littafi yana komawa waya. Masu sayar da takin zamani da magungunan feshi da ƙungiyoyin manoma kan buɗe fayil guda a Google Sheets ko Excel, mutum uku ko huɗu su riƙa shiga suna rubutu. Sauƙin da aka samu ba ƙarami ba ne, amma an yar da wani abu a hanya. A littafi, in mutum ya soke lamba, tabon yana nan, rubutun hannunsa kuma ya isa shaida. A waya kuwa sabuwar lamba kan haɗiye tsohuwa, shafin ya zauna tsaf kamar ba a taɓa shi ba. Ranar da ƙirga ya saɓa wa fayil, zargi kan sauka kan wanda ya fi kowa rauni, galibi yaron da ke riƙe da makullin sito.

Maganin ba baƙo ba ne. Duk wanda ya leƙa ɗakin ajiyar magani a cibiyar lafiya matakin farko ya ga katin da ake ajiyewa kusa da kowane irin magani: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya lalace ko aka daidaita, ragowa, sannan sa hannu. Ba a goge layi a katin nan, ƙara wani ake yi a ƙasa. Wannan tsari ya kamata fayil ya gada. A buɗe shafi na biyu a cikinsa, a sa masa suna Rajista, da ginshiƙai biyar: kwanan wata, sunan kaya, adadi, dalili tare da lambar rasit, da haruffan farko na sunan mai rubutawa. Abin da ya shigo a rubuta shi yadda yake, abin da ya fita a sa masa alamar ragewa. Daga nan kada kowa ya sake taɓa ragowar kaya da hannu a babban shafi. Lissafi ne zai ɗebo ta daga rajista:

```
=SUMIF(Rajista!B:B,A2,Rajista!C:C)
```

Ma'anarsa, a tara duk lambobin ginshiƙi na uku waɗanda sunan kayansu ya zo daidai da sunan da ke A2. Kalmar "daidai" ce ke da tarko. In wani ya rubuta yuriya, wani kuma ya rubuta ta da rubutun Turanci, lissafin zai ɗauke su kaya biyu, ya tsallake ɗaya ba tare da ya yi ƙorafi ba. Shi ya sa ake amfani da Data validation a mai da ginshiƙin jerin zaɓi.

Mu ƙaddara wata ƙungiyar manoma a Fakku ta shiga watan Yuni da buhun yuriya 120, mai kilo 50 kowanne. Mota ta kawo 80, ya zama 200. A ƙarshen wata fayil ya ce saura 95, amma da aka ƙirga a sito sai aka sami 68. Buhu 27 ba su nan, ga damina ta kankama, ga manoma na jiran rabonsu. In lamba guda ake ta gogewa ana sauyawa, babu abin da ya rage sai rantse-rantse da kai ƙara gaban manya.

Da rajista kuwa, layi uku na fita za a tarar: 45, da 35, da 25, kowanne da ranarsa da rasit ɗinsa da haruffan wanda ya shigar. A nan akwai tsohuwar dabarar akawu da ta cancanci a sani: in bambancin ya rabu da 9 ba saura, a fara zargin an juya lambobi. 27 tara ce sau uku, wato a nemi lambar da tsakanin ɓangarorinta biyu akwai uku, kamar 14 da 41, ko 25 da 52, ko 36 da 63. A cikin layukan nan 25 kaɗai ta dace. Sai a ɗauko rasit ɗin da layin ya ambata, a ga 52 ce aka rubuta. A haɗa 45 da 35 da 52, an sami 132. A cire daga 200, saura 68, daidai da abin da ke sito. Ba a saci ko mudu ba, yatsa ne ya riga ɗan'uwansa. Dabarar dai nuni take yi, rasit ne ke yanke hukunci.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen gyara. Rai zai so a koma kan 25 a mai da ita 52, a huta. Kada a yi. A bar layin da kuskurensa, a ƙara sabo da kwanan watan yau, a rage 27, a rubuta lambar layin da ake gyarawa da ta rasit, mai gyara ya sa haruffansa, wanda ya duba shi ma ya sa nasa. Dalili shi ne, an riga an faɗa wa mutane 95, wataƙila har an ɗauki alkawarin rabo a kanta, kuma wata shida nan gaba wani zai tambayi inda ta fito.

Kwanan wata ma yana da nasa sharrin. Wanda ya sa =TODAY() don guje wa wahala zai wayi gari ya tarar kowane layi na ɗauke da ranar yau, domin kullum sabuntawa take yi. A kwamfuta Ctrl+; ne ke dasa ranar da ba ta motsi. Haka kuma 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ce, amma a fayil mai saitin Amurka huɗu ga Maris ce. Fara rubutawa da shekara, kamar 2025-04-03, ya kashe wannan gardama. In kuma an fitar da kaya ranar kasuwa ba a samu shigarwa ba sai bayan kwana biyu, a sa ranar fitar kayan a ginshiƙinta, a ambaci ranar shigarwa a wurin dalili. Haruffa kuwa, a ƙasar da Abubakar da Aliyu da Aminu da Abdullahi suka cika kowane gida, biyu ba sa wadatarwa. A yi uku, a kuma rubuta a saman shafi wane ne mai waɗanne.

Wani zai ce ai Google Sheets na da Version history da Show edit history, Excel ma na da Show Changes. Haka ne, kuma suna da amfani. Sai dai suna nuna abin da aka sauya ne, ba sa faɗin dalili, kuma sunan akawun da aka shiga da shi suke riƙewa. In mutum huɗu na amfani da adireshin imel guda, kamar yadda ake yawan yi, tarihin zai ce mutum ɗaya ne ya yi komai. In ana tura kwafin fayil ta WhatsApp kuwa, wannan tarihi ba ya bin kwafin, rajista ce kawai ke tafiya da shi. A ganina kowa ya shiga da nasa akawun, domin haruffa kowa na iya rubuta na wani, kuma tarihin manhajar ne zai gaskata su ko ya ƙaryata.

Rajista tana da iyakarta: buhun da aka fitar da dare ba a rubuta ba, ba ta san da shi ba. Ƙirga da hannu ne ke tona wannan, kuma a tsakiyar damina, lokacin da taki ke fita kullum, mako-mako ya fi wata-wata, don layukan da za a bincika su zama na kwana bakwai kacal. Sakamakon ƙirgar shi ma a ba shi layinsa, ko da bambancin sifili ne, da haruffan mutum biyun da suka ƙirga.