Sai Wanda Ya Ajiye Lambarka

A ce ɗan kasuwar albasa ne a Bawku, yana son sanar da abokan cinikinsa 40 na Yendi da Salaga sabon farashin buhu. In ya tara su a rukunin WhatsApp, kowa zai ga lambar kowa, rangwamen da ya yi wa mutum guda kuma ya zama zancen zaure. In kuwa ya bi ta Broadcast, jerin da ke ɗaukar mutum har 256, kowa zai karɓi saƙon shi kaɗai, amsarsa ta dawo a keɓe.

Amma da sharaɗi: sai wanda ya ajiye lambarsa a waya zai samu. In 12 ba su ajiye ba, 28 kawai suka ji farashin. Zai gane haka in ya duba Info na saƙon, inda ake nuna waɗanda ya isa gare su.

Wasu na ganin sharaɗin takura ne. A ganina adalci ne, domin ba don shi ba, da duk wanda ya tsinci lambarka ya cika maka waya da talla. Ajiye lamba tamkar amsa sallama ce. Saboda haka, kafin ya aika, ya roƙi kowannensu ya ajiye lambarsa tukuna.