Haɗarin da bai ci kowa ba, shi ma a rubuta shi da kyau

A yawancin ofisoshinmu, idan haɗari ya kusa aukuwa aka tsira, rahoton da ake rubutawa ba ya wuce layi biyu: abu kaza ya faru, babu wanda ya ji rauni, an ja kunnen ma'aikata. Godiya ga Allah a kan tsira wajibi ce, amma irin wannan takarda ba ta koya wa kowa komai. Rahoton da zai yi amfani shi ne wanda ya bayyana abin da mutum ya fahimta a lokacin da yake aikin, da kuma abin da ya shiga tsakaninsa da bala'i.

Ranar 1 ga Disamba, 1974, jirgin saman kamfanin TWA mai lamba 514 ya daki wani dutse a jihar Virginia ta Amurka, yana shirin sauka a filin jirgi na Dulles. Dukkan mutum 92 da ke ciki suka rasu. Mai kula da zirga-zirgar jirage ya ba matuƙan izinin fara sauka. Su suka ɗauka izinin yana nufin su sauko zuwa ƙafa 1,800 nan take, shi kuwa yana zaton za su tsaya a tsayin da taswira ta ƙayyade har sai sun wuce duwatsun. Kalma ɗaya, fahimta biyu.

Abin takaicin shi ne, kimanin mako shida kafin nan, matuƙan kamfanin United sun yi wannan kuskure a wannan wuri, suka wuce dutsen da ƙyar. Sun kai rahoto ta wani tsari na kamfaninsu da ba ya tona sunan mai magana, aka kuma gargaɗi sauran matuƙan kamfanin. Gargaɗin bai isa ga matuƙan TWA ba. Wannan ne ya sa a 1976 aka kafa tsarin karɓar irin waɗannan rahotanni na ƙasa baki ɗaya, aka damƙa shi ga hukumar NASA, wadda ba ta da ikon hukunta matuƙi. Ana cire sunan mai rahoto, sannan a yaɗa darasin ga kowa.

Mu ƙaddara wani misali na ofis. Wuta ta ɗauke da ƙarfe huɗu, alhali wata tsohuwar butar lantarki, wadda ba ta kashe kanta, tana jone a ɗakin ajiyar fayiloli. Aka tashi, wuta ta dawo, ruwan ya ƙone ƙarƙaf. Masinja ya koma ɗaukar makullinsa, ya ji ƙauri, ya zare waya. Idan aka rubuta “sakacin ma'aikaci”, an rufe magana. Rahoto mai amfani zai jera abubuwan bi da bi tare da lokacinsu. Zai ce wanda ya bar butar ya ga fitilarta a mace, ya ɗauka a kashe take. Zai faɗi tazarar da ke tsakanin butar da takardu, ya kuma ambaci ko akwai na'urar gano hayaƙi a ɗakin. Sannan ya amsa tambaya mafi muhimmanci: me ya hana gobara? A nan amsar ita ce mantuwar makulli. Duk rahoton da ya nuna cewa dace ne kawai ya tsare mutane, ya nuna babu wata kariya da aka tanada, kuma gyaran da ake bukata ya fito fili: a fitar da butar daga ɗakin fayiloli, a ɗora wa wani takamaiman mutum duba soket kafin a kulle, a sa ranar da za a tabbatar an yi.

Za a ce ɓoye suna zai ba masu sakaci mafaka. Tsarin Amurkan bai yarda da haka ba, domin rangwamen da yake bayarwa bai shafi laifin ganganci ko aikata babban laifi ba, kuma sai an kai rahoto cikin kwana 10. Abin da yake karewa shi ne kuskuren da kowane ƙwararre zai iya yi a wannan yanayi. Ma'aikacin da ya san takardar tuhuma ce za ta biyo bayan rahotonsa, shiru zai yi, ofis kuma ya rasa labarin da babu mai iya bayarwa sai shi.

Saboda haka ya kamata shugabannin sassa su raba rahoton tsira da fayil ɗin ladabtarwa, su kuma tura darasinsa, ba tare da suna ba, ga sauran sassan da ke da irin wannan ɗaki da irin wannan buta. Rahoton United ya faɗi gaskiya, amma waɗanda suka fi bukatarsa ba su taɓa ganinsa ba.