Waiwaye: Harajin da Ba Ya Sallama a Ƙofar Gida

Dattawan da suka yi wayo kafin 1979 sun san haraji da idonsu. Idan damina ta ja baya aka fara girbi, dagaci zai aiko mai unguwa da takarda, a bi gida gida ana kiran sunayen magidanta da samarin da suka balaga. Makiyayi kuwa a ƙirga masa shanu a yanka masa jangali. Kowa ya san nawa aka ɗora masa, ya san hannun da ya karɓa, ya kuma san abin da ke samun wanda ya kasa biya. Wannan sanin ne ya sa haraji ya zama maganar siyasa mai zafi a ƙasar Hausa, har gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali da hawansu mulki a 1979. Talakawa da yawa sun ɗauka daga ranar sun rabu da biyan gwamnati.

Daga baya wani harajin ya shigo, wanda ba ya bin gida gida. A 1993 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 102, kuma daga farkon Janairun 1994 aka fara karɓar harajin VAT a Najeriya, kashi 5 cikin ɗari, a madadin harajin sayar da kaya da jihohi ke karɓa. A 2007, gab da saukar Obasanjo, an ninka shi zuwa kashi 10, amma ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta mayar da shi yadda yake. Daga 1 ga Fabrairu, 2020, a zamanin Buhari, ya koma kashi 7.5, kuma sababbin dokokin haraji da Tinubu ya sa wa hannu a 2025 sun bar shi a nan. Shi ne layin nan da kake gani a ƙasan rasit idan ka yi sayayya a babban kanti, inda aka rubuta `VAT 7.5%` da wasu 'yan kuɗi a gefe.

Mutane da yawa suna ɗauka mai kanti ne ya ƙara wa kansa riba da wannan layi. Wasu kuma suna ganin harajin kamfanoni ne da bai shafe su ba. Duka biyun ba haka ba ne, kuma hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar ita ce a bi kaya ɗaya tun daga tushe har ya shiga gida.

Mu ɗauki katan ɗin sabulu, da alƙaluman misali don lissafi ya fito fili. Masana'anta ta sayi sinadarai da kwali na naira 4,000, mai sayar mata ya ɗora kashi 7.5, wato naira 300, ya miƙa wa hukumar tara haraji. Masana'antar ta haɗa sabulu ta sayar wa babban dila a naira 10,000, ta ɗora naira 750. To amma ba za ta kai wa gwamnati duka 750 ɗin ba. Doka ta ba ta damar cire naira 300 da ta riga ta biya, ta kai ragowar 450. Dila ya sayar wa babban kanti a naira 12,000, ya ɗora 900, ya cire 750 da ya biya masana'anta, ya kai 150. Kanti ya sayar maka a naira 14,000, ya ɗora 1,050, ya cire 900 ɗinsa, shi ma ya kai 150. Kai ka ciro naira 15,050 daga aljihunka.

Yanzu a tara abin da ya shiga asusun gwamnati: 300 da 450 da 150 da 150. Jimla naira 1,050, daidai da abin da aka rubuta a rasit ɗinka, ba ƙari ba ragi. Kowane ɗan kasuwa a wannan jeri ya biya haraji a kan abin da ya ƙara wa kayan na daraja kaɗai, wato bambancin da ke tsakanin kuɗin da ya saya da kuɗin da ya sayar, kuma daga nan harajin ya samo sunansa. Sannan kowannensu ya maido abin da ya biya daga hannun wanda ya saya a wurinsa. Mutum ɗaya ne ba shi da na gaba da zai miƙa wa, shi ne wanda ya kai sabulun gida aka yi wanka da shi. 'Yan kasuwar nan masu karɓa ne a madadin gwamnati, irin aikin da mai unguwa yake yi a da. Mai biya shi ne mai amfani da kayan.

Nan ne mai karatu zai ce, ai ni ba na shiga manyan kantuna, a wurin mai tebur na bakin layi nake sayen sabulu, kuma bai taɓa ba ni wata takarda ba. Wannan shi ne wurin da na fi so a lura da shi. Tun daga 2020 doka ta ɗauke wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyin ɗora VAT da kai rahotonsa, a lokacin ga wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba. Amma ɗauke masa nauyin karɓa bai ɗauke masa biya ba. Idan mai teburin nan ya je wurin dila, naira 12,900 zai biya a katan, ba 12,000 ba. Tunda ba ya cikin masu kai rahoto, ba shi da hanyar cire naira 900 ɗin nan. A wurinsa ta zama kuɗin saro kaya, kuma a kanta zai ɗora ribarsa. Tsohuwar da ta aiki jikanta ya sayo mata sabulu guda ta biya rabonta na naira 900 ɗin, ko da ba ta taɓa jin sunan harajin ba. Haka yake a batir da bokitin roba da atamfa da kuɗin kiran waya.

Akwai lokacin da nauyin ba ya sauka duka a kan mai saye. Idan kasuwa ta yi sanyi, ko masu sayar da irin kayan sun yi yawa, ɗan kasuwa yakan ji tsoron ƙara farashi kada masu ciniki su gudu, sai ya rage ribarsa ya haɗiye wani ɓangare. Wannan ya fi faruwa a kayan da mutum zai iya haƙura da su. A kayan da ba makawa sai an saya, kusan duk harajin yana gangarowa ne zuwa ga mai saye.

Daga nan ne rashin daidaiton wannan haraji ke fitowa. Naira 1,050 ɗin nan ɗaya ce ga attajiri da ga ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Amma shi ma'aikacin yana kashe duk abin da ya samu kafin wata ya ƙare, attajiri kuwa yana kashe kaɗan ya ajiye saura, kuma ba a ɗora VAT a kan ajiya. Saboda haka harajin ya fi cin kaso mai yawa na samun talaka. Don rage wannan ciwo ne doka ta ware wasu kaya tun farko: abincin yau da kullum kamar hatsi da doya da kayan miya, magunguna da kayan asibiti, littattafai da kayan karatu. Dokar 2025 ta ƙara musu gata, ta sa su a sahun kayan da harajinsu sifiri ne, yadda mai samar da su zai iya neman a maido masa abin da ya biya a baya, maimakon ya cusa shi cikin farashi.

Sanin wannan yana da amfani a gaban mai kanti. Idan farashin da ke jikin kaya bai haɗa da haraji ba, lissafin mai sauƙi ne: naira 75 a kan kowace naira 1,000. Idan kuwa an ce an riga an haɗa, ka ninka jimlar sau 3 ka raba da 43. Gwada da naira 15,050: ninki uku 45,150, a raba da 43, ya ba da 1,050. Wanda ya sake ɗora kashi 7.5 a kan 15,050 ya caje ka sau biyu. Ka kuma duba ko an ɗora harajin a kan jimlar komai, har da ɗanyar shinkafa da maganin zazzaɓi da littafin yaro, alhali ya kamata a ware su. Sannan ka nemi sunan kantin da lambar shaidar harajinsa, wadda ake rubutawa `TIN`. Wanda ke karɓar VAT ba tare da rajista ba, babu tabbacin kuɗin zai wuce aljihunsa. A gidajen cin abinci da otal kuma akan ga wani layi na kuɗin hidima, wannan daban yake, na masu wurin ne.

Ina kuɗin ke zuwa? Hukumar tara haraji ta tarayya ce ke tattarawa, a raba a Abuja wata wata. Shekaru da yawa rabon shi ne kashi 15 na tarayya, 50 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi. Sabuwar doka ta rage na tarayya zuwa 10, ta ɗaga na jihohi zuwa 55. Ke nan naira tara cikin kowace goma na komawa ne ga gwamnatocin da suka fi kusa da mu, waɗanda ke da alhakin makarantar firamare da ɗakin shan magani da magudanar ruwa ta unguwa.

Darasin da na ɗauka daga wannan waiwaye shi ne, harajin da ba a gani yana kashe wa mutum bakin tambaya. Wanda bai san yana biya ba, idan aka haƙa masa rijiyar burtsatse sai ya ɗauka kyauta aka yi masa, idan ba a haƙa ba sai ya ce dama ba haƙƙinsa ba ne. Wannan kuskure ne da ke cutar da mu. Duk magidancin da ya sayi sabulu, duk matar da ta sa kati a waya, mai biyan haraji ne, kuma yana da ikon ya tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma da gwamna abin da aka yi da shi. Ina roƙon mai karatu ya riƙa karɓar rasit, ya duba lissafinsa kafin ya bar kanti, ya kuma fahimtar da iyalinsa da maƙwabtansa cewa kuɗin da ake rabawa a Abuja duk wata akwai guminsu a ciki.