"Ai kwalba biyu ce kawai": amsa ga masu ciwon hanta da ke kurɓawa a ɓoye

Jama'a, akwai maganar da muka gaji da jin ta daga bakin samarin da gwaji ya nuna suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B ko C: wai kwalba ɗaya ko biyu da dare ba ta komai, tunda ba buguwa suke yi ba. To hanta ba ta san buguwa ba, giram take ƙirgawa.

Mu yi lissafin tare. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da tsantsar barasa kimanin giram 24. Biyu sun kai giram 47 zuwa 48. A shekarar 1997, Poynard da abokan aikinsa a Faransa sun wallafa binciken da suka yi a kan masu nau'in C sama da dubu biyu, suka gano cewa shan giram 50 ko fiye a rana na cikin abubuwan da ke hanzarta tabo a hanta. Ke nan mai "kwalba biyu kawai" yana bakin wannan iyakar kowane dare. Kuma kada wani ya ce ƙasa da 50 lasisi ne. Babu adadin da likitocin hanta suka amince wa mai ɗauke da ƙwayar.

Ga dalili. Ɗauki saurayi ɗan shekara talatin da ya samu nau'in B tun yana jariri, bai sani ba sai ranar da ya je ba da jini. A nau'in B, yawancin ɓarnar daga garkuwar jikinsa take zuwa: tana kai hari kan ƙwayoyin hantar da cutar ta shiga, tana kashe su. Duk inda aka yi rauni, wasu ƙwayoyi da a da aikinsu ajiye bitamin A ne sai su farka su fara saƙa zare mai tauri don ɗinke wurin. Wannan zaren shi ne tabon. Idan raunin ya lafa, hanta na iya narkar da wani ɓangarensa, domin gaɓa ce mai gyara kanta.

Barasa wannan lafawar take hanawa. Hanta ce ke sarrafa kusan duk abin da aka sha, kuma matakin farko shi ne ta mayar da shi wani sinadari mai guba da ake kira asetaldehaid. Gubar na lalata ƙwayoyin hanta, tana kuma zuga masu saƙar nan kai tsaye su ƙara zare. Sannan barasa na sassauta bangon hanji, dafin ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji ya tsallaka cikin jini, jinin kuwa hanta yake fara isa, kumburi ya ƙaru. Saurayinmu yana da rauni biyu a gaɓa ɗaya, masu ɗinki kuma ba sa hutawa. Tabo ya haɗe da tabo, hanta ta yi tauri ta ƙanƙance, jini ya kasa ratsa ta.

Wani zai ce ai yana shan tenofobir kullum. Madalla, kada ya fasa. Amma maganin ƙwayar cutar yake dannewa, babu ruwansa da asetaldehaid. Haka wanda ya warke daga nau'in C: ƙwayar ta tafi, tabon da ta bari yana nan, giya za ta ɗora daga inda aka tsaya.

Masu cewa "ni lafiyata ƙalau" su ne suka fi ba mu tsoro. Tabo ba ya zafi. Kafin ido ya yi rawaya da shawara, ciki ya tara ruwa, ƙafa ta kumbura ko a yi aman jini, an yi nisa. Takardar gwaji ce ke fara tonawa: ƙwayoyin daskarar da jini su ragu, ko AST ya haura ALT, wani lokaci ya ninka shi, wanda alama ce da kan sa likita zargin giya. Akwai kuma na'urar FibroScan mai auna taurin hanta ba tare da huda ba.

Mu ma muna da laifi a nan. A garuruwanmu shan giya abin kunya ne, don haka mai sha yakan rantse wa likita bai taɓa ba, a yi ta canza lissafin magani a kan ƙarya. Ga kuma ruwan ɗacin nan na 'yar leda da ƙananan kwalabe da ake sha da sunan maganin basir ko wankin ciki. Ku juya kwalbar ku karanta: da yawansu barasar da ke ciki ta ninka ta giya sau da dama. Burkutu da ogogoro kuwa ko rubutun ma babu.

Wanda ya saba sha da yawa kullum kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, domin yankewar na iya kawo karkarwa, ruɗewa, har da farfaɗiya. Ya je asibiti, ya faɗi ainihin yawan kwalaben da yake sha a rana, a tsara masa yadda zai daina.