Ranar Ƙarewar Kwangila Ba Ita Ce Abin Lura Ba

Kamfanoni da dama a Nijeriya kan rubuta ranar ƙarewar kwangilar masu kawo musu kaya a kalanda, su ɗauka sun gama. A ganina, ranar da ta fi cancantar jan alƙalami ita ce ta ƙarshen wa'adin sanarwa.

Mu ɗauki kwangilar gyaran janareta da za ta ƙare ran 31 ga Disamba, wadda ta tanadi cewa za ta sabunta kanta na shekara guda muddin ba a ba da sanarwar kwana 90 a rubuce ba. Idan aka ƙirga baya, wa'adin ya faɗa ran 2 ga Oktoba. Manajan da ya farga a Nuwamba ya makara, ko da ya sami mai rahusa.

Sai kuma a duba ko lissafin daga ranar aika takarda yake, ko daga ranar da ta isa hannu. In na biyun ne, a tuna 1 ga Oktoba hutu ne. Ya kamata takardar ta fita tun tsakiyar Satumba, kuma kalandar ta nuna jami'in da zai sa hannu, ya karɓo shaidar isarta.