Waiwaye: Ka Auna Jarinka da Munanan Shekarun da Suka Wuce

A ƙarshen watan Agusta zuwa Satumbar 2020 ruwa ya shanye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, daga fadamun Argungu har zuwa ƙasar Yauri, shinkafar tana dab da nuna. Shekara takwas kafin nan, a 2012, kogin Kwara ya yi irin wannan ambaliya. Duk mai noma ko fatauci a Shanga, Yauri da Ngaski yana riƙe da labarin shekarun nan biyu, amma kaɗan ne ke zama da biro da takarda su tambayi kansu: in irin wannan shekara ta dawo ta same ni da abin da nake riƙe da shi yau, nawa zai rage mini?

Wannan tambaya ita ce aikin da masu kula da jarin jama'a ke kira gwajin juriya. Babban Bankin Najeriya yana yi wa bankuna irinsa, Amurka ma ta yi wa manyan bankunanta a 2009. Ba sai da na'ura ba. Za ka rubuta duk inda kuɗinka yake da darajar kowanne a yau, ka rubuta bashin da ake binka, sannan ka ɗauko wata muguwar shekara da aka taɓa yi, ka ɗora wa kowane kaya irin faɗuwar da ya yi a cikinta, ka haɗa jimla.

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Yauri mai jarin naira miliyan 10. Miliyan 4 suna cikin shinkafar fadama, tsakanin tasa gonar da kuɗin da ya ba manoma su biya shi da shanshera a kaka. Miliyan 2 albasa ce a ajiye, miliyan 2 shanu, miliyan 1 hannun jari, miliyan 1 a banki. Ana binsa miliyan 3 na taki da iri. Nasa na kansa ke nan miliyan 7. In ka tambaye shi zai ce ya rarraba dukiyarsa wuri biyar, hankalinsa kwance.

A fara da abin da ya fi tsoro, wato hannun jari. Bayan haɗe bankuna da aka yi a 2004 da 2005, jama'a sun yi rububin sayen hannun jarin bankuna, wasu har da rance. A Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000, cikin shekara guda ya gangaro kusan 20,000. Faɗuwar ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari. A aljihun mutuminmu wannan asarar naira 700,000 ce. Da ciwo, amma gidansa na nan. Abin da ya fi dacewa ya riƙe daga wannan shekarar shi ne tsawon jinyar: sai a Agustan 2023 ma'aunin ya sake taka wancan matsayi, shekara goma sha biyar, kuma a lokacin nairar kanta ba ta da ƙarfin da take da shi a 2008.

Yanzu a ɗora masa 2020. Alƙaluman da zan sa na misali ne, kowa ya sa nasa daga abin da ya gani da idonsa. A ce ruwa ya ci kashi uku cikin huɗu na shinkafar, miliyan 3 sun tafi, don manomin da gonarsa ta nutse ba shi da abin biya. Laima ta ruɓar da rubu'in albasar, 500,000. Shanu sun rasa makiyaya, kowa yana fitar da nasa kasuwa lokaci guda, darajarsu ta sauka da rubu'i, wata 500,000. Jimla miliyan 4. A ido kashi 40 ne na jarin. Sai dai ruwa ba ya cin bashi. Miliyan 3 ɗin nan suna nan daram, don haka miliyan 7 ɗinsa sun koma 3, ya rasa fiye da rabi. Ga kuma mai taki yana jiran kuɗinsa a kaka: na banki da na hannun jari duka miliyan 2 ne, cikon miliyan 1 sai ya sayar da shanu a daidai lokacin da ba su da daraja.

Nan ne amfanin gwajin yake. Wurare biyar da mutumin ke taƙama da su, uku daga ciki, miliyan 8 cikin 10, duk a bakin kogi ɗaya suke, rana ɗaya za su faɗi. A shekarar lafiya ba a ganin wannan, domin shinkafa da albasa da shanu kowanne da kasuwarsa da lokacinsa.

Akwai shekarar da ba ruwa ba ne. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mai kuɗi a banki ya kasa taɓa su, mai kaya a kasuwar ƙauye ya karyar da su don ya sami tsaba. A ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, noman rani kuwa da injin ban ruwa ake yinsa. Dala ta tashi daga wajen naira 460 ta kai 1,500 a farkon 2024, tsadar kaya ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Miliyan 1 ɗin da ke banki ba ta ragu a takarda ba, amma kusan rubu'in abin da take saye ya zube. Saboda haka ake gwada shekaru daban-daban: wadda ta bar shinkafa lafiya ita ce ta ci kuɗin ajiya.

Inda mutane ke ruɗar kansu a wannan lissafi wuri biyu ne. Suna sa farashin da aka saba, alhali wanda ya kamata a sa shi ne na ranar da dole ta sa a sayar. Sannan suna ɗaukar mafi munin abin da suka gani a matsayin iyakar abin da zai iya faruwa. Dattawan Gungawa sun san ba haka ba ne. Kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, babu ambaliyar da ta taɓa raba su da tsibiransu gaba ɗaya, sai ga tafki ya tashi mutum fiye da 40,000 daga gidajensu da gonakinsu. Don haka bayan ka sami mafi munin jimla, ka ƙara mata wani abu, ko ka haɗa shekaru biyu wuri ɗaya, ambaliya da ƙarancin tsaba, ka ga ko za ka iya biyan bashi ka kuma ciyar da iyali har wata kaka.

In amsar a'a ce, gyaran a fili yake. Mutuminmu ya rage bashin zuwa abin da kuɗinsa na hannu za su iya biya, ya kai wani kason shinkafar ko shanun can tudu, nesa da kogi. Ribarsa za ta ɗan ragu a shekarar albarka, kuma a ganina wannan ragin ya cancanci a biya shi.

Ɗan'uwa, kafin ka karɓi takin bana bashi, ka zauna ka yi wannan lissafin da 2012 da 2020 da 2023, ka nuna wa wanda ya girme ka a sana'ar ya duba maka alƙaluman.